Wasa Ne Ko Zagi? Tambayoyi da Amsoshi a Kan Zolaya, Cin Mutunci da Rawar da Murya Ke Takawa

A ƙasar Hausa ana iya ce wa mutum "ɗan banza" ya tuntsire da dariya har ya miƙo hannu a tafa, ana kuma iya ce masa "ranka ya daɗe" ya kwana yana juyi saboda zafin maganar. Tambayoyin da ke biye sun fi karkata ga wasan da ke tsakanin taubasai, da kakanni da jikoki, da abokan wasa na gari ko na ƙabila, domin a nan ne ake furta kalmomi mafi nauyi ba tare da an yi faɗa ba, kuma a nan ne aka fi ganin yadda murya ke juya magana.

Idan kalmomin iri ɗaya ne, me ya raba zolaya da zagi?

Abin da ya raba su shi ne inda maganar ta bar mutumin da aka faɗa wa ita. Zolaya tana jawo shi cikin taro, tana ba shi damar ramawa, kuma idan an gama yana nan da mutuncinsa kamar yadda ya zo, wani lokaci ma ya fi kusanci da wanda ya zolaye shi. Zagi kuwa yana ware shi gefe guda, yana rage masa daraja a idon waɗanda ke wurin, kuma mai yin sa ba ya jiran amsa, domin ba hira yake nema ba, so yake maganar ta shiga ta zauna.

Wannan ne ya sa ba a iya gane bambancin ta hanyar jera kalmomi a ce waɗannan na wasa ne, waɗancan na zagi ne. Matasa a filin ƙwallo sukan ce "shegen yaro" ga wanda ya yanke 'yan baya uku ya jefa ƙwallo a raga, kuma kowa ya san yabo ne, alhali wannan kalmar ce dai za ta iya kai mutane gaban alƙali idan aka faɗe ta da nufin taɓa asalin mutum. Kaka takan kira jikanta "mijin banza, wanda ba ya kawo cefane", yaron ya yi dariya ya ce ya sake ta tun bara. Idan matar aure ta faɗa wa mijinta wannan jimlar ba tare da sauya ko harafi ɗaya ba, ranar da babu abin ɗorawa a murhu, to gidan ba zai kwana lafiya ba. Abubuwa uku ne suka bambanta a tsakanin waɗannan lokuta biyu: dangantakar masu maganar, gaskiyar da ke cikin maganar, da kuma muryar da aka faɗe ta da ita.

Waɗanne alamu ne kunne yake kamawa a cikin murya?

Mai zolaya yakan saki muryarsa. Yana jan wasali fiye da yadda aka saba, yana ɗaga sauti sama sannan ya sauke shi kamar mai rera waƙa, kuma sau da yawa ana jin dariya tana neman ƙwace masa tun kafin ya kai ƙarshen jimla. Yakan kuma zuzuta abin har ya wuce misali, ta yadda mai sauraro zai gane cewa ba a nufin a yarda da shi. Wanda ya ce wa abokinsa "kai ai ko tuwon gidan biki na gari guda ba zai ishe ka ba" yana jan "gudaaa" yana buɗe hannuwa, ya riga ya sanar da kowa cewa almara yake yi. Ƙananan kalmomi irin su "dai" da "mana" da "ai" suna yawaita a bakinsa, suna tausasa maganar.

Mai zagi yakan matse murya. Kalmomin suna fitowa a gajarce, ɗaya bayan ɗaya, kowace da nauyinta, kamar ana ƙirga su. Wani lokaci muryar tana hawa da tsawa, amma sau da yawa sauka take yi ta koma ƙasa-ƙasa, haƙora a cije. Babu zuzutawa a ciki, domin mai zagi yana so a ɗauki maganarsa daidai yadda ya faɗe ta. Idan tsaki ya riga maganar ko ya biyo bayanta, to an bar fagen wasa, domin da wuya a ji tsaki na gaske a tsakanin mutane biyu da ke raha.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan jimlar, wanda a ganina ya fi komai fallasa nufin mai magana. Mai zolaya yana gama magana sai ya ɗan dakata, ya kalli abokinsa, yana jiran a rama masa, kuma idan ramuwar ta yi daɗi shi ne zai fara dariya. Mai zagi ko dai ya ci gaba da jero maganganu ba tare da ya bar ƙofa ba, ko kuma ya kau da kai ya kalli sauran jama'a yana neman su taya shi. Duk wanda ya faɗi magana a kanka amma idonsa yana kan 'yan kallo, ba da kai yake wasa ba, da kai yake ba su dariya.

Fuska da hannu suna tafiya tare da murya, shi ya sa ake cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Harara, nuna mutum da yatsa har kusa da ido, da daƙuwa, duk suna ƙara tabbatar da abin da kunne ya riga ya ji.

To ashe duk wanda ya iya sassauta murya yana iya faɗin abin da ya ga dama?

A'a. Murya tana yanke hukunci ne a cikin filin da dangantaka ta riga ta shata. Al'ada ta ware waɗanda ke da izinin wasa da juna: taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, kaka da jika, matar wa da ƙannen mijinta, miji da ƙannen matarsa, sai sa'o'i waɗanda suka tashi tare. Ta kuma ware waɗanda kunya ce a tsakaninsu, kamar suruki da surukinsa, da iyaye da ɗansu na fari wanda uwa ba ta ma kama sunansa. Wanda ya shiga gidan surukansa ya ce wa uban matarsa "tsoho, yau ma rowar za a yi mana?" da murya mai daɗi da fara'a, bai yi wasa ba, rashin kunya ya yi, ko da kuwa zuciyarsa fes take. Wannan jimlar ce kuma jika zai faɗa wa wannan tsohon a wannan zauren, tsohon ya ɗaga sanda yana dariya ya ce a kore masa ɓarawon goro.

Ikon murya ba daidai yake ba ta fuskoki biyu, kuma wannan shi ne abin da mutane suka fi kuskurewa. Murya tana iya mayar da halattaccen wasa ya zama zagi a kowane lokaci, ko a tsakanin taubasai ne. Amma ba ta iya mayar da kowace magana ta zama wasa. Tana da cikakken ikon ɓatawa, ikonta na gyarawa kuwa yana da iyaka.

Za a iya kawo misali na yadda wasa ɗaya ke rikiɗa ya zama cin mutunci?

A ɗauka taubasai biyu ne suka haɗu a taron suna. Ɗaya ɗan namiji ne, ɗaya ɗan mace, kuma bisa al'ada ɗan namiji yakan yi iƙirarin cewa shi ne ubangida, ɗan mace kuwa bawansa ne. Da ɗan macen ya shigo, sai ɗan namijin ya ɗaga murya tun daga nesa, yana jan magana, ya ce: "Ah, ga bawana nan ya iso! Zo ka ɗauki buta ka zuba mini ruwa." Ɗan macen ya amsa da cewa: "Wane irin ubangida ne wannan da ko kuɗin shara na bara bai sallame ni ba?" Jama'a suka yi dariya, su biyun suka tafa, aka zauna cin waina. An kira mutum bawa a gaban taro, kuma babu wanda ya ji komai, domin kowa ya san cewa babu bauta a tsakaninsu, uwar wannan da uban wancan ciki ɗaya suka fito. Kalmar tana da nauyi, amma babu gaskiya a ƙarƙashinta, saboda haka ba ta sami abin kamawa ba.

Yanzu a ɗauka shekara ta zagayo, ɗan macen ya rasa aikinsa, kuma ɗan namijin ne ya biya masa kuɗin hayar gida. Sun sake haɗuwa a wani taron. Idan ɗan namijin ya sake yin wasan kamar yadda ya saba, da murya a sake da dariya, wataƙila abin ya wuce, ko da yake mai hankali zai lura cewa dariyar ɗan macen ta rage tsawo. Amma a ɗauka sun ɗan yi saɓani a kan wata maganar gado, sai ɗan namijin ya kalle shi, ya sauke murya, ya ce a hankali: "Ka manta kai bawana ne." Bai ƙara kalma ko ɗaya a kan abin da ya saba faɗi ba. Sai dai babu jan wasali, babu zuzutawa, babu dakatawar jiran amsa, kuma yanzu akwai kuɗin haya a ƙarƙashin kalmar. Duk wanda ke wurin zai ji cewa gori aka yi.

Ana gane hakan daga abin da ya biyo baya. Ɗan macen ba zai rama ba, domin babu abin ramawa da zai yi daidai da maganar. Zai yi shiru, ko ya yi murmushin da bai kai ido ba, ko ya ce "haka ne" ya miƙe ya nemi takalminsa. Sauran jama'a ba za su yi dariya tare ba. Wani zai sunkuyar da kai, wani dattijo zai yi gyaran murya ya kawo wata magana daban. Idan ɗan namijin ya ce "ai wasan taubasai ne", babu wanda zai musa masa a fili, amma kuma babu wanda ya yarda.

Waɗanne abubuwa ne daɗin murya ba ya wanke su?

Na farko shi ne duk wani rauni na gaskiya wanda mutum ba shi da ikon sauya shi kuma yana jin ciwonsa: rashin haihuwa, naƙasa, in'ina, ciwon taɓin hankali a dangi, mutuwar aure da ba a daɗe da yi ba, ko talaucin da ya faɗo wa mutum bayan wadata. Na biyu shi ne iyaye, musamman uwa. Abokai da yawa da ke zagin juna kullum cikin raha sun rabu ranar da ɗaya ya sa uwar ɗaya a ciki. Na uku shi ne asali, wato a jefi mutum da cewa ba ɗan halak ba ne, ko a tono cewa kakanninsa bayi ne da gaske. Na huɗu shi ne sirrin da mutum ya faɗa maka don ya yarda da kai, da alherin da ka taɓa yi masa.

Dalilin da ya sa waɗannan suka fita daban shi ne, zolaya tana rayuwa ne a kan abin da ba gaskiya ba, ko kuma gaskiya mai sauƙi wadda mai ita ma yana yi wa kansa dariya a kanta, kamar son shayi, ko yawan barci, ko tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Tashen gwauro da ake yi a watan azumi ya nuna iyakar da kyau. Ana tsokanar wanda ba shi da mata a fili, da kiɗa da waƙa, kuma yawancin gwagware suna ɗaukar abin da dariya domin lokaci ne sananne kuma ba su kaɗai ba ne. Amma babu mai hankalin da zai kai wannan wasan ƙofar mutumin da matarsa ta rasu watan jiya, kome daɗin muryar masu waƙar.

Yaya abin yake a wasan ƙabilu da garuruwa, inda mutanen ba su ma san juna ba?

Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarabawa, yana ba baƙi biyu izinin da a wani wurin sai an shekara ana tare kafin a same shi. Babarbare zai iya haɗuwa da Bafulatani a cikin mota, su fara kiran juna bawa kafin su san sunan juna, su rabu a tasha ɗaya ya biya wa ɗaya kuɗin abinci. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci ƙwarai, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na bil'adama a shekarar 2014, saboda rawar da take takawa wajen kashe rigima tsakanin al'ummomi.

Sai dai saboda babu tsohuwar shaƙuwa da za ta tallafi maganar, nauyin duka yana komawa kan murya da kuma tabbacin cewa ɗaya ɓangaren ya san wasan. Shi ya sa masu iya wasan sukan fara da gwaji: a jefa magana mai sauƙi, da fara'a a fili, a ga ko za a cafe. Idan aka rama, wasa ya buɗe. Idan mutumin ya ɗaure fuska ko ya yi kallon rashin fahimta, sai a janye, domin akwai matasa da yawa da suka tashi a birane ba su taɓa jin cewa akwai wasa tsakanin ƙabilarsu da wata ba. Haka kuma lokaci yana da tasiri. Maganar da Bafulatani zai yi wa dariya a ranar kasuwa, ba zai ji ta da kunne ɗaya ba idan an faɗe ta a makon da aka yi rikici tsakanin manoma da makiyaya a yankinsu, ko kuma idan an sauya tsohuwar tsokanar da kakanni suka saba da wani zargi na yau da ke jefa ƙabila guda cikin laifin wasu.

Shin magana mai laushi, wadda babu tsawa a cikinta, tana iya zama zagi?

Ƙwarai kuwa, kuma sau da yawa ita ta fi zafi. Habaici ba ya kama suna, ba ya kuma bukatar ɗaga murya. Kishiya tana iya tsayawa a tsakar gida tana yi wa kaza magana a kan masu ci ba su aiki, da murya mai sanyi, kuma wadda ake nufi ta ji sarai. Gatse ma haka yake, inda ake faɗin kishiyar abin da ake nufi. "Sannu da ƙoƙari, Malam" na iya zama godiya, yana iya zama kuma hanyar ce wa mutum ya ɓata aiki, kuma bambancin bai wuce yadda aka ja "sannu" da yadda aka danna "Malam" ba.

Wata alama da ta cancanci a lura da ita ita ce girmamawar da ta zo ba a lokacinta ba. Abokin da kullum yake kiranka da laƙabin yarinta, idan ya wayi gari yana ce maka "Alhaji" ko "ranka ya daɗe" da murya a miƙe, ba daraja ya ƙara maka ba, nesanta kansa ya yi da kai. A tsakanin abokan wasa, daina zolaya kwatsam ya fi zolayar kanta nuna cewa akwai matsala.

Idan mai magana ya ce wasa yake yi, wanda aka faɗa wa kuma ya ce zagi ne, wa ya fi gaskiya?

Niyya tana wurin mai magana, amma ciwon yana wurin mai ji, kuma ba a musa wa mutum abin da ya ji a ransa. Duk da haka ba kowane ɓacin rai ne ke nuna an yi zagi ba, domin akwai masu saurin fushi, akwai kuma wanda ya zo majalisa da damuwarsa daga gida. Hanyar da ta fi dacewa a gane gaskiya ita ce a duba abin da mai maganar ya yi bayan ya ga ran ɗan'uwansa ya ɓaci. Wanda da gaske wasa yake yi yakan firgita, muryarsa ta sauya nan take, ya ce "haba, wallahi ban nufi haka ba, yi haƙuri", kuma ba ya sake komawa kan maganar. Wanda ya fake da wasa yakan ce "kai ba ka san wasa ba", ya juya ga jama'a yana neman shaida, sannan ya maimaita maganar gobe. Na farko ya ɗauki laifin a kansa, na biyu ya ƙara ɗora wa wanda ya ɓata wa rai wani sabon laifi.

Ana kuma iya tambaya ko wasan yana tafiya ta ɓangarori biyu. Idan maigida yana zolayar yaron shagonsa kullum, yaron yana dariya amma bai taɓa ramawa ba domin yana tsoron abincinsa, wannan dariyar ba shaidar yarda ba ce. Haka nan idan majalisa guda ta mayar da mutum ɗaya abin tsokana kowace rana, ko da kowace magana ita kaɗai ba ta da nauyi, taruwarsu ta zama wulakanci. Abin da ake nufi ke nan idan aka ce yawan wasa yana kawo raini.

Me ya sa ake yawan samun saɓani a kan wasan da aka rubuta a waya?

Domin rubutu yana ɗauke da kalmomin amma ya bar muryar a baya. Wanda ya karɓi saƙon shi ne zai sa masa murya da kansa, kuma yakan sa masa muryar halin da yake ciki a lokacin. "Kai dai ba ka da kirki" da aka rubuta ana dariya na iya isa ga mutum yana cikin ɓacin rai, ya karanta ta da murya a matse. Mutane suna ƙoƙarin cike wannan giɓi da ɗan hoton fuska mai dariya, ko su ja harafi su rubuta "kaiii", kuma hakan yana taimakawa, sai dai masu habaici ma sun iya amfani da waɗannan alamun.

Matsala ta biyu ita ce 'yan kallo. A zaure, mai zolaya yana ganin waɗanda ke wurin. A rukunin WhatsApp na dangi kuwa, wasan da taubashi ya yi wa taubashinsa yana isa ga surukai da 'ya'ya da matan aure waɗanda ba su cikin wasan, kuma yana nan a rubuce ana iya komawa a sake karanta shi bayan dariyar ta wuce. Idan maganar tana da ɗan kaifi, saƙon murya ya fi rubutu aminci, kuma aika shi ga mutumin shi kaɗai ya fi aika shi cikin taro.

Mene ne matsayin addini da na doka?

Musulunci bai hana raha ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin wasa da sahabbansa amma ba ya faɗin komai sai gaskiya. Wani mutum ya roƙe shi abin hawa, sai ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Da mutumin ya yi mamakin abin da zai yi da ɗan taguwa, sai ya nuna masa cewa ai kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Wasa ne da bai rage wa kowa daraja ba. A ɗaya ɓangaren, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana aibata juna, ta kuma hana jifan juna da munanan laƙabobi. Wannan ya shafi laƙabin da ake manna wa mutum a majalisa yana ƙi ana ci gaba da kira.

Mafi haɗari shi ne abin da ya taɓa zargin zina ko kore wa mutum ubansa, domin wannan ya shiga babin ƙazafi, wanda aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke wa bulala 80 idan ba a kawo shaidu huɗu ba. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewacin Nijeriya tun 1960 ita ma ta ɗauki ɓata suna, da kuma zagin mutum da gangan don a tunzura shi ya ta da hankali, a matsayin laifi. Wanda aka kai ƙara ba zai iya dawo da muryar da ya yi magana da ita a gaban alƙali ba. Abin da za a maimaita shi ne kalmomin, daga bakin shaidu, a wurin da babu mai dariya.

Yaya mutum zai tsayar da wasan da ya fara yi masa zafi ba tare da ya ɓata zumunci ba?

Mataki na farko shi ne ya daina biyan wasan da dariya, domin dariya ce ke nuna wa mai zolaya cewa hanya a buɗe take. Sau da yawa amsa gajera da murya a daidaice, kamar "a bar wannan maganar", ta isa ga mai hankali. Idan ba ta isa ba, gara a same shi shi kaɗai bayan an watse, a ware masa abin da ake nufi dalla-dalla: "Ɗan'uwa, ka tsokane ni a kan komai, amma maganar aikina ka cire ta." Wannan ya fi a ce masa ya daina wasa gaba ɗaya, domin yana nuna masa cewa ba zumuncin ake gudu ba, wuri ɗaya ne ke ciwo. Yin hakan a gaban jama'a yakan tilasta masa ya kare kansa, daga nan kuma sai gardama.

Idan wanda ke tsokanar ya girme ka, ko kuma akwai kunya a tsakani, ana bi ta hannun wanda yake da wasa da shi ko wanda yake jin nauyinsa, kamar kaka ko gwaggo ko wani amininsa, ya faɗa masa cikin hikima. Wanda kuma ya gane cewa shi ne ya wuce gona da iri, ya kamata ya nemi afuwa da muryar da babu dariya a cikinta, ya ambaci abin da ya faɗa ƙarara, kuma idan a gaban mutane ya yi maganar, to a gaban waɗannan mutanen ya dace ya janye ta.